Kawu Safiyo Ya Raka Amarya Neman Ɗaki

Idan ana maganar fili da gini da haya, to a yi shiru a matsa gefe, Kawu Safiyo zai wuce. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar sanin gida tun daga waje. Yana kallon bango zai faɗa maka buhun siminti nawa ya ci, da buhu nawa magini ya karkatar. Yana shaƙar iskar lungu zai gaya maka ko unguwar za ta yi daraja nan da shekara goma. Ba a taɓa kama shi da kuskure ba, don ba a taɓa samun wanda ya jira shekara goman ya dawo ya tambaye shi ba.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a ofishin filaye. Wannan kowa ya sani, ko gaisuwar mara lafiya ya je sai ya samu inda ya cusa ta. Abin da bai cika faɗa ba shi ne aikin da ya yi a can. Shi ne mai riƙe doguwar sandar nan mai ja da fari, ya tsaya can nesa a rana, masu awo su leƙa na'ura su ɗaga masa hannu ya matsa dama ko hagu. Amma kamar yadda shi kansa yake cewa, in ba sandar, me za su leƙa? Daga nan ya samo sunan Safiyo, wato mai awon fili, ya riƙe shi hannu biyu har bayan ritaya. Ba ya fita sai da laima, da tabarau a goshi, da wata jakar fata da zif ɗinta ya rasu tun tuni, an ɗaure ta da roba.

Wannan babban mutum shi ne ƙanin mahaifiyar Amarya.

Wata biyar da aurenta, amma har yanzu Amarya ake ce mata, mijin kuma Ango. Ita tela ce, shi kuma yana gyaran firij da fanka a shagon ogansa. Tun da aka yi auren suna raɓe a ɗaki ɗaya a gidan yayan Ango, ga gado, ga keken ɗinki, ga akwatuna, in ɗaya zai juya sai ɗayan ya ɗaga ƙafa. To sai aka yi wa yayan canjin wurin aiki, zai mayar da makullin gidan ƙarshen wata. Kwana goma sha tara suka rage. Abin da suka tara kuwa, in an lallaɓa, zai biya ɗaki da falo na shekara guda a unguwar da ba ta da girman kai. Ba su taɓa kama haya ba, ba su san ta ina ake farawa ba.

Kuskuren na Ango ne, kuma na ladabi ne. Sun je gaida iyayen Amarya, Kawu yana zaune, sai Ango ya ce, “Kawu, a sa mu a addu'a, ɗaki muke nema.”

Kawu ya sauke tabarau daga goshi zuwa hanci. “Ɗaki? Kuna neman ɗaki ina raye? Yaro, ni da na auna rabin garin nan da hannuna! Dillalai ɓarayi ne, masu gidaje kuraye ne, ku kuma ’yan tsaki. Ranar Asabar ku shirya. Ku dai ku zo da ƙafafu, baki nawa ne.”

Amarya ta taka ƙafar Ango a ƙarƙashin kujera, amma ya riga ya ce “To, Kawu, mun gode.”

Ranar Asabar suka fita da sassafe. Tsarin Kawu shi ne ba za a bi ta hannun dillali ba, za a bi lungu-lungu ana karanta bango. Duk lambar waya da ya gani an rubuta da gawayi ko fenti sai ya sa Ango ya kira. Ta farko dillali ne. Ta biyu dillali ne. Ta uku wannan dillalin na farko ne da wani layin. Ta huɗu Kawu ya karɓi wayar da kansa, ya yi minti biyar yana bayanin irin ɗakin da ya dace da zuri'arsa, kafin mutumin ya samu sarari ya ce shi fa yasar masai yake yi, in akwai aiki a faɗa masa lungun.

Kafin rana ta take, Amarya ta koyi abu na farko: ɗakin haya ba ya tallan kansa. Mai gida yana ba dillali makulli, dillali yana zaune a rumfarsa, kai kuma in kana so ka je ka same shi. Kawu ma ya gano haka, sai dai shi ya ce dama gwada su yake yi.

Rumfar dillalin tana bakin titi kusa da mai faci: benci ɗaya, allo mai rubutun alli, da ƙusoshi a jikin katako, kowace da makullai a rataye. Dillalin wani siriri ne mai sanyin murya. Ya tambaye su abu uku: ɗaki nawa, wace unguwa, nawa suka tanada. Sannan ya yi musu bayani dalla-dalla. Akwai kuɗin duba ɗaki, ana biya kafin a tashi, kuma ba ya dawowa ko an kama ko ba a kama ba. In an kama, la'adarsa kashi goma cikin ɗari na kuɗin shekara. Mai gida zai karɓi shekara guda a dunƙule, wani kuma ya ƙara da kuɗin ajiya, wanda ake mayarwa ranar tashi in ba a fasa komai ba.

Amarya ta dubi Ango. Su kuɗin haya kawai suka lissafa, ba su san yana da ’ya’ya ba. Ta buɗe baki za ta faɗi abin da suke da shi, har dillalin ya kai hannu kan wata ƙusa, sai Kawu ya ɗaga laima.

“Dakata! Ka san da wa kake magana? Wannan da kake gani injiniya ne na harkar sanyi, manyan otal ke layi a kansa. Wannan kuma ’yata ce, kamfanin ɗinki gare ta. Ni kuwa ba sai na faɗa ba, shekara talatin da ɗaya a ofishin filaye. Ba mu zo neman akurki ba. Kuɗi ba matsalarmu ba ne.”

Dillalin ya dube su da sabon ido. A hankali ya janye hannunsa daga waccan ƙusar, ya mayar kan wata. Amarya tana kallo ya juya ya goge wata lamba a allo da gefen hannu, ya rubuta wadda ta fi ta ƙiba. Kuɗin duban ma da Ango ya biya, sai da ya yi wani ɗan tsiro a kai.

“Ka gani?” Kawu ya raɗa wa Ango da ƙarfin da har mai faci ya ji. “Ya tsorata.”

Ɗakin farko yana ƙarshen wata gangara. Ana buɗe ƙofa warin sabon fenti ya tare su. Kawu ya shiga da ƙafar dama, ya ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa, ya kara kunne kamar likita.

“Wannan gini ne! Ku ji ƙara. Bulo mai inci tara, ba a yi ƙyashin siminti ba. Irin wannan ko shekara ɗari zai yi bai yi tari ba. A kawo takarda.”

Amarya ba ta san bulo ba, amma ta san faci. Duk telan da ya taɓa rufe ƙunar dutsen guga da ado ya san wurin da aka fi ƙawatawa nan ne ake ɓoye abu. Fentin daga ƙasa ne zuwa ƙugu, daga nan zuwa sama tsoho ne. Ta dafa bangon ta ji shi da sanyi kamar randa. Ta ce za ta leƙa bayan gida, ta zame tsakar gida, inda wata mata take wanki.

“Sannu da aiki, Yaya. Don Allah ya ɗakin nan yake da damina?”

Matar ta dubi ƙofa, ta rage murya. “Ƙanwata, zo ki gani.” Ta ɗaga labulen ɗakinta. Gadonta a kan bulo bibbiyu yake, akwatuna a kan tebur, har buhun gawayi an rataye shi a ƙusa. “Duk ruwan unguwar nan, nan yake kwana. Wanda ya tashi daga ɗakin can, katifarsa a kan kai ya fita da ita tana ɗiga.”

Da Amarya ta dawo ta faɗa, Kawu bai ko girgiza ba. “Ai na gani tun daga gangara. Jira nake in ga ko ku za ku gani.”

Ɗaki na biyu a wani dogon gida ne mai ɗakuna goma sha ɗaya suna kallon juna. Yana da tayil, yana da silin, har da fanka mai fitila. Kawu ya auna shi da taku, yana ƙirgawa da Turanci, ya sanar cewa zai ci gado da kujeru har a yi taro. Amarya ta zaro tef ɗin awonta daga jaka. Ɗakin ya isa, amma lungun da ake bi a shiga ya fi allon gadonsu ƙunci da taƙi guda, ga kwana a tsakiya. Ta murɗa famfon tsakar gida, ya yi wani dogon tsaki ya yi shiru. Jarkoki ashirin ne jere a gindinsa, kowace da igiya mai launi don kada a rikice. Bayan gida ɗaya ne tal, an rubuta ranakun wankinsa a ƙofa, an kuma rubuta zagi a ƙarƙashi.

Shi kuwa Ango ya bi wayar wuta da ido, sana'arsa ce. Ya dawo ya ja ta gefe. “Mita ɗaya ce ga duk gidan, raba kuɗin ake yi daidai. Kin ga waccan wayar mai kauri? Shagon walda take tafiya. Mu da ƙwai biyu da fanka za mu riƙa biya wa mai walda.”

“Ƙananan abubuwa!” in ji Kawu. “Ku dubi tayil!”

Sai la'asar dillalin ya gaji, ya koma rumfa ya ɗauko makullin ƙusar farko, wadda ya fasa ɗauka da safe. Gidan wata tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, unguwa na ce mata Mama Nas. Tana zaune a sashen gaba, ’yan haya uku a baya. Ɗakin da falon ba su da wani ado, fentin ma ya kwana biyu. Amma gidan a kan tudu yake, taga biyu na kallon juna iska na ratsawa, silin ba tabon yoyo ko ɗaya. Mitarsa daban, mai kati. Famfo ya kawo ruwa da aka murɗa, ga tanki a sama. Bayan gida su biyu ne za su raba da wata malamar makaranta. Akwai ɗan baranda da keken ɗinki zai zauna daram, ga haske. Amarya ta auna ƙofa, ta auna lungu, ta dubi Ango. Ta ga yana yi wa soket murmushi.

Mama Nas ta sa aka kawo musu kujeru da ruwa. Gajeruwa ce mai furfura, tana magana kamar mai ba da magani: kaɗan-kaɗan, a kan lokaci. Ta tambayi sana'arsu, da su nawa ne za su zauna, da ko keken ɗinkin mai ƙara ne. Ango ya fara amsawa cikin ladabi, sai Kawu ya kwance robar jaka.

“Kafin a je nan, Hajiya, ni ma ina da tambayoyi. Ina takardar mallakar filin nan? Ina taswirar awo? Ina izinin gini? Don na lura katangarki ta gabas ta ci hanya da kusan ƙafa biyu. Ni idona ma'auni ne. Da ina ofis, da jan fenti zan sa a shafa mata. Ba barazana nake ba, amma har yanzu in na ɗaga waya ana tashi tsaye. Saboda haka a rage kuɗin nan da kashi ɗaya cikin uku, mu kuma mu rufe ido.”

Dillalin ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa. Mama Nas ta ɗauke kofunan ruwan ɗaya bayan ɗaya ta jera a faranti.

“Ɗakin an kama,” ta ce.

“Yaushe?” in ji Kawu.

“Yanzun nan.”

A hanyar komawa Kawu yana gaba yana kaɗa laima, yana bayyana cewa wannan ita ake kira dabara, gobe da kanta za ta aiko. Amarya da Ango suna baya, suna faɗa ƙasa-ƙasa irin na waɗanda ba su saba ba.

“Kawunki ne fa.”

“Ni na ce masa mun gode?”

“To ya zan yi, in ce wa surukina ya yi shiru?”

“A'a, ka bari mu kwana a rumfar dillali, ai akwai benci.”

Ta juya fuska don kada ya ga idonta ya kawo ruwa. Barandar nan ta riga ta shiga ranta, har ta ga inda za ta rataye zare.

Mama Nas ba ta aiko ba. Kwana shida suka wuce, yayan Ango ya fara ɗaure kaya a kwali. Rana ta bakwai Kawu ya iso inda Amarya ke ɗinki da rana tsaka, fuska na sheƙi.

“An gama! Na samo muku gida, ba dillali, ba la'ada, rabin kuɗi. Wani yarona ne, mutumin kirki, a wurin mai shayi muka haɗu, yana jin sunana ya miƙe tsaye. Sharaɗi ɗaya ne, yau za a biya, don mutane na rububi.”

Gidan da kyaunsa, har ya fi na Mama Nas. Yaron Kawu wani mai ƙamshin turare ne da baƙin gilashi, makulli na wasa a yatsansa. Ya ce gidan na babansa ne da ke ƙasar waje, shi ke kula da shi. Akwai katifa da ’yan kaya a ƙulle a kusurwa, ya ce na wanda zai tashi ne gobe. Yana magana yana duba agogo. Kawu kuwa har ya zaro wata yarjejeniya da ya rubuta da hannunsa, shafi huɗu, ta fara da tarihin aikinsa.

Ango ya taɓa aljihun da kuɗin suke. Amarya ta ga hannunsa, ta ga kuma kwanakin da suka rage musu a fuskarsa. Ita ma zuciyarta na cewa a biya a huta. Amma arhar ta yi yawa, saurin ma ya yi yawa.

“Ranka ya daɗe,” ta ce, “ko za a kira Baban mu gaisa? Kuma rasit ɗin da sunan wa za a rubuta?”

“Baba ba ya son a dame shi. Rasit kuma sai gobe, littafin ya ƙare.”

“Ke!” in ji Kawu. “Ana maganar manya. Ni na tsaya masa. Ni ina kallon mutum sau ɗaya na karance shi har bango.”

Amarya ta ce ƙishirwa take ji. Ta fita zuwa wani kanti da ke kallon gidan, ta sayi ruwa, ta tambayi mai kantin wane ne mai gidan can.

“Wani mai sayar da katako ne, yana bakin kasuwa, kullum yana nan. Me ya faru?”

“Wancan mai gilashin ɗansa ne?”

Mai kanti ya yi dariya har ya dafa sikeli. “Ɗan haya ne! Kuɗinsa ya ƙare, an ba shi notis, jibi zai fita. Ke ce ta uku da na gani an kawo cikin satin nan. Jiya wasu har da tabarma suka zo aunawa. Ni da farko na ɗauka masu sayar da kayan ɗaki ne.” Ya karanto mata lambar mai katakon daga jikin bango.

Ta koma tana riƙe da waya a kunne. “Ga mai gidan a layi, yana so ya gaisa da ɗansa.”

Yaron Kawu ya ce bari ya ɗauko littafin rasit a mota. Ba shi da mota. Ta ƙofar baya ya bi, kuma bisa ga ƙarar da aka ji, katangar ma bai tsaya neman ƙofarta ba.

Ango ya zauna a kan katifar mutumin, hannunsa dafe da aljihu, gumi na zuba. Kawu ya daɗe yana kallon ƙofar baya. Sannan ya gyara tabarau.

“Tarko na ɗana masa,” ya ce. “Kun ga yadda ya faɗa?”

Washegari Amarya ta tashi Ango da wuri. Ba su gaya wa kowa ba. Suka tsaya a rumfar dillali, suka faɗa masa gaskiyar abin da ke hannunsu, ba injiniya, ba kamfani. Ya yi dariya ya ce ai tun ranar ya gane, takalmin Ango ne ya faɗa masa. Ɗakin Mama Nas yana nan, mutum biyu sun gani, ta ce ba su yi mata ba. Ya raka su.

Amarya ta durƙusa har ƙasa. “Mama, mun zo ba da haƙuri ne. Ba mu taɓa kama haya ba, ba mu san komai ba. Ɗakin ya yi mana. In an kama, Allah ya sa haka ya fi alheri.”

Mama Nas ta dube su ta saman tabarau, ta leƙa bayansu. “Mai laimar fa?”

“Yana gida, Mama.”

“To ku zauna.”

Abin da aka kasa yi a mako biyu, aka yi shi kafin shayinta ya huce. Ta faɗi kuɗinta, Ango ya roƙi ragi, ta rage ɗan abin da ya sa la'adar dillali ta samu wurin zama. Kuɗin ajiya ta yarda a biya shi kashi biyu. Ta zaga da su ɗakin da kanta, ta sa Ango ya ɗauki hoton tsagewar gilashin taga da marfin soket da ya fashe, a rubuta a takarda, don kada ranar tashi a ce su suka yi. Ta sa ya duba mita ya tabbatar ba bashin wanda ya tashi a kanta. Ta ce yoyon rufi da tanki da masai nata ne, ƙwan fitila da kan famfo da makulli nasu ne, kuma su canja kwaɗon ƙofa tun ranar farko. Kuɗin shara kowane wata ne. Ba a sa wani a ɗakin a karɓi haya a bayanta. Wanda zai tashi, ko ita in tana son ɗakinta, sai da notis na wata uku a rubuce.

“Kuɗi kuma a hannuna za ku sa, ba a hannun kowa ba, in ba ku rasit da sa hannuna. Takarda biyu za a yi, ɗaya taku ɗaya tawa. Ku je da ita ku karanta a gida, kada ku sa hannu a abin da ba ku karanta ba, ko da ni na rubuta. Jibi ku zo da wanda zai tsaya muku, mai sana'a ko mai adireshin kansa, wanda in wani abu ya taso zan san ƙofar da zan buga.”

Amarya ta fito tana jin kamar an sauke mata keken ɗinki daga ka. Ango ya ce ogansa zai tsaya musu. Suka yi alkawari ba wanda zai ji sai an gama. Amma Amarya ta gaya wa mahaifiyarta, don uwa ce, ita kuma ta gaya wa ƙaninta, don ɗan'uwa ne.

Ranar sa hannu suna zaune a barandar Mama Nas, ga dillali, ga ogan Ango da kayan aikinsa, sai ga laima ta shigo, Kawu na ƙarƙashinta cikin babbar riga mai sitaci.

“Na ce za ta sauko, ba ta sauko ba? Hajiya, ba komai, na yafe maganar katanga. Ina wurin mai tsayawa? Wannan bawan Allah ya koma gyaran firij ɗinsa. In ana neman wanda sunansa ke da nauyi a takarda, ai an san inda za a je.”

Ya ja takardar gabansa. Mama Nas ba ta hana shi ba. Ta ɗauki biro ta gyara zama, irin zaman da take yi wa mara lafiyar da ya ce shi lafiyarsa ƙalau.

“To, bismilla. Sana'a?”

“Tsohon babban jami'in filaye.”

“Adireshi? Gidan kanka ne?”

“Wato... ina da filaye da dama da nake nazari a kansu.”

“Haya kake yi ke nan. Ba laifi, kawo rasit ɗinka na bana.”

Kawu ya buɗe jaka, ya rufe. Ya yi gyaran murya. “Ni ba na haya. Ina zaune ne a... ina sa ido a kan gidan yayata.”

“A wane ɗaki?”

“Na bakin ƙofa.”

“Tun yaushe?”

“Bai fi shekara ashirin da shida ba.”

“Kafin nan fa?”

Muryar da ke tayar da mutane tsaye ta waya ta koma kamar ta sauro. “Gidan Baba.”

Amarya ta san wannan tun tana rarrafe. Ita ke kai masa abinci ɗakin tun tana ’yar firamare, mahaifinta ke biyan wutar. Amma sai yau, a barandar nan, lissafin ya haɗu a kanta: mutumin da ya yi mako biyu yana koya musu haya bai taɓa biyan ta ko na kwana ɗaya ba. Ta cusa bakin mayafi a baki. Ango ya kama kallon silin da iyakar ƙarfinsa, kafaɗunsa na rawa.

Mama Nas ta zare takardar daga gaban Kawu a hankali, ta miƙa wa ogan Ango. Ya sa hannu, Ango ya sa, ita ta sa, dillali ya yi shaida. Ta rubuta rasit, ta ɗora makulli biyu a tafin Amarya, ta ce Allah ya sa a zauna lafiya. Sannan ta juya ga Kawu, da murya mai taushi irin ta asibiti.

“Kai kuma kada ka damu, ba a makara ba. Akwai wani ɗan ƙaramin ɗaki a baya, zai fita wata mai zuwa, ya dace da mai farawa. In kana so ka zo ka gani. Sai dai ka taho da wani babba da zai tsaya maka.”